Wane irin suna za ku sa wa aikin bincikenku: mai bayani, mai haruffa, mai azanci ko mai tambaya?

Masu neman tallafin bincike sukan bar suna sai daren rufe karɓar takardu, alhali shi ne layin da aka fi karantawa a cikin takardar baki ɗaya. Jami'in da ke raba takardu ga masu tantancewa yana duba suna da taƙaitaccen bayani kafin ya yanke wa zai aika wa. A zaman kwamiti da shi ake kiran aikin. Idan an ci tallafin, shi ne zai shiga yarjejeniya, da takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da takardar da mahalarta za su sa wa hannu, ya kuma fito a rumbunan da kowa ke iya dubawa, irin su NIH RePORTER na Amurka da CORDIS na Tarayyar Turai.

Matsalar ita ce ana neman abu biyu da ba su cika jituwa ba. Ana so a tuna sunan, ana kuma so kada ya faɗi abin da aikin bai yi ba. Hanyoyi huɗu aka fi bi, kuma za mu gwada su duka a kan aiki ɗaya don bambancin ya fito fili. A ce wata tawaga tana son sanin ko aika wa iyaye saƙon tunatarwa ta waya yana sa yara su kammala allurar rigakafi kafin su cika shekara ɗaya. Za su yi aiki da asibitoci 24, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, 12 su riƙa aika saƙo, 12 su ci gaba yadda suka saba, na tsawon shekara 3.

Ma'aunan da za a duba

Na farko gaskiya. Suna mai gaskiya yana amsa tambaya huɗu: me ake gwadawa, a kan su wa, me za a auna, ta wace hanya. Kuma ba ya sanar da sakamako tun ba a fara aiki ba. Wannan shi ne ma'aunin da ba a sassautawa, sauran ana iya ciniki a kansu.

Na biyu tunawa: wanda ya karanta takardu talatin a mako guda, zai iya kiran taku da baki ba tare da ya duba ba? Na uku tsada, kuma a nan haruffa da lokaci ake biya. NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, tana ba da harafi 200 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, bayan ta daɗe a kan 81. Fom ɗin Horizon Europe, shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, shi ma 200 ne, kuma dole ne a kawo gajeren suna na dabam. A ClinicalTrials.gov, inda ake rajistar gwaje-gwajen lafiya, cikakken suna yana kaiwa harafi 600, taƙaitacce 300, na haruffan farko kuwa 14 kacal. Wasu shirye-shiryen ma suna cin wani ɓangare na wurin tun kafin ku rubuta komai, kamar yadda NSF, gidauniyar kimiyya ta Amurka, ke neman a fara da CAREER: ko Collaborative Research: a irin waɗannan takardu.

Sai ɗorewa, wato ko sunan zai ci gaba da zama daidai idan aikin ya sauya ko sakamako ya zo ba yadda aka so ba. Sai sauƙin ƙirƙira da furtawa. Na ƙarshe haɗari: karo da wani aiki mai suna iri ɗaya, mummunar ma'ana a wani harshe, ko ba'a daga wanda bai san fagen ba.

Suna mai bayani zalla

Ga yadda zai fito a misalinmu: "Tasirin saƙon tunatarwa ta waya a kan kammala rigakafin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya: gwajin ƙuri'a a asibitoci 24". Kalma 20 ne, harafi 116 har da tazara, saboda haka ya shiga iyakar 200 da sauran wuri. Ya amsa tambayoyin nan huɗu, ya kuma cika abin da ƙa'idar CONSORT ke nema a rahoton gwaji, wato a faɗa tun a suna cewa rabon ƙuri'a aka yi. Jami'in da ya gan shi ba zai yi kuskuren kai shi wurin masana haɗa allura ba, ya san na masana lafiyar al'umma ne.

Wurin da ake faɗuwa a irin wannan suna shi ne kalma ɗaya, wato "tasiri". A nan ta halatta, domin ƙuri'a ce ta raba asibitocin, don haka bambancin da aka gani ana iya jingina shi ga saƙon. Da a ce tawagar za ta duba tsofaffin rajistocin asibiti ne kawai, ta kwatanta iyayen da suka samu saƙo da waɗanda ba su samu ba, to "alaƙa" ce kalmar da ta dace, saboda mai yiwuwa iyayen da ke da waya tun asali sun fi kusa da asibiti. Ƙwararren mai tantancewa yana gane wannan a kallo ɗaya, kuma idan ya ga suna ya yi iƙirarin da tsarin aikin ba zai iya ɗauka ba, da shakka zai karanta sauran shafukan.

Abu na biyu shi ne adadi. Lambar 24 tana nuna girman aiki, amma ita ce za ta fara tsufa. Idan masu ba da tallafi suka rage kasafi aka koma asibitoci 16, sunan ya zama ƙarya a kan kowace takarda, kuma gyara shi bayan sa hannu yana nufin neman gyaran yarjejeniya da komawa kwamitin ɗa'a. Gara a cire lambar a bar ta a taƙaitaccen bayani. Haka ma sunan wata manhaja ko na'ura da za a iya daina amfani da ita kafin shekara ukun su cika.

Akwai kuma kalmomin da ke cin wuri ba su kawo komai ba: "nazari a kan", "bincike game da", "sabuwar hanya", "cikakken". Kowace takarda a teburin bincike ce, kowacce kuma tana cewa sabuwa ce. A goge su, a fara da kalmar da ta fi ɗaukar nauyi, domin jerin sunaye a kan allo yakan yanke ƙarshen dogon suna.

Rauninsa a bayyane yake. Ba wanda zai furta kalma ashirin a taro. Mutane za su ce "aikin nan na saƙon waya", kuma idan akwai irinsa uku a zagayen, naku ya ɓace a cikinsu.

Amma akwai wani reshe na wannan hanya da ya kamata a tsaya a kai, musamman ga aikin da ake sa ran zai daɗe: a sa masa sunan mutanen da ake bi ko wurin da ake yi, ba tambayar farko ba. Framingham Heart Study ya fara a 1948, sunan gari ne da gaɓar jiki kawai, kuma har ya kai kan jikokin mahalartan farko bai buƙaci sabon suna ba. Nurses' Health Study ya fara a 1976 da duba illolin magungunan tsarin iyali a tsawon lokaci, daga baya ya faɗaɗa zuwa abinci da motsa jiki da cututtukan zuciya. Sunan bai ƙaryata ba, domin tun farko ma'aikatan jinya ya ambata, su kuwa ba su sauya ba.

Suna na haruffan farko

A nan ne aka fi samun riba, a nan kuma aka fi yin ɓarna. Ribar ba zato ba ce: wani nazari da aka buga a New England Journal of Medicine a 2006 ya samu cewa gwaje-gwajen da ke da irin wannan suna ana ambaton su a wasu takardu kusan ninki biyu na waɗanda ba su da shi. Wannan alaƙa ce aka gani, kuma irin waɗannan gwaje-gwajen sun fi zama manya masu kuɗi, to amma duk wanda ya zauna a kwamiti ya san suna mai gaɓa uku ya fi saurin dawowa baki. LIGO, H3Africa da RECOVERY duk an san su ba tare da an tuna cikakken sunansu ba.

Mu gwada a kan misalinmu. Idan aka bi haruffan farko sak na "saƙon tunatarwa, rigakafin yara", STRY zai fito. Gaskiya ne, amma ba ya furtuwa. Daga nan tawaga kan faɗa tarkon farko, wato ta zaɓi kalma mai daɗi tukuna, sannan ta tanƙwara sunan aikin har ya dace da ita. Ana gane hakan idan aka ga haruffa an tsinto su daga tsakiyar kalmomi, ko aka ga kalma a cikin cikakken sunan da ba ta da aiki sai samar da harafi. Dokar da ta fi amfani ita ce a rubuta suna mai bayani ya kammala, sannan a ciro gajeren daga gare shi. Idan sai an ƙara kalma don gajeren ya fito, a bar shi.

Tarko na biyu ya fi muni. A ce an sa wa aikin NASARA ko KARIYA. Mahaifiyar da aka miƙa wa takardar neman amincewa mai wannan suna za ta ɗauka an riga an tabbatar abin yana aiki, alhali dalilin yin gwajin shi ne ba a sani ba. Wannan ya taɓa ingancin amincewarta, shi ya sa wasu kwamitocin ɗa'a ke tsayawa a kan irin waɗannan sunaye. Idan kuma bayan shekara uku aka ga saƙon bai ƙara komai ba, za a buga rahoton rashin tasiri a ƙarƙashin kalmar nasara. A kwatanta da CAST, wato Cardiac Arrhythmia Suppression Trial. A 1989 aka gano magungunan daidaita bugun zuciya da ake gwadawa, encainide da flecainide, suna ƙara yawan mace-mace maimakon su rage. Sakamakon ya juya abin da likitoci suka yi imani da shi, amma sunan bai ji kunya ba, domin abin da ake yi ya faɗa, bai faɗi abin da ake fata ba.

Tarko na uku karo ne. TUNA ya dace da aikin tunatarwa, gajere ne, bai yi alkawari ba. Amma a rubuta shi a injin nema a ga: kifi ne zai cika shafin, domin sunan kifi ne a Turanci. Kalmomi irin su SMART da HEART kuwa an sa wa gwaje-gwaje masu yawa har sai an haɗa da shekara ko sunan marubuci kafin a san wanne ake nufi. TURIYA, daga gaɓoɓin tunatarwa, rigakafi da yara, yana furtuwa, sai dai a kunne ya yi kusa da turjiya, kuma ba abin da aikin rigakafi ke gudu kamar wannan. Abin da ya tsira a misalinmu shi ne SATURI, daga saƙo, tunatarwa da rigakafi: harafi shida, gaɓa uku, ba ya nufin komai, don haka ba ya alkawarin komai, kuma ba shi da harafi mai ƙugiya da zai ba da matsala a adireshin imel ko sunan fayil.

Tsadarsa lokaci ne. Kafin a tsayar da shi sai a neme shi a injin nema na gama-gari, a rumbun mai ba da tallafin, a PubMed ko makamancinsa na fagenku, da rajistar gwaje-gwaje idan aikin na lafiya ne. A kuma furta shi ga mai jin kowane harshe da za a yi aikin a cikinsa. Aikin yini guda ne idan an yi shi da gaske, kuma ya fi arha a kan sake buga dubban takardu.

Suna mai azanci a gaba, bayani a baya

Wannan shi ne mai ɓangare biyu, da ɗigo biyu a tsakiya: "Ranar Allura: gwajin saƙon tunatarwa ta waya don kammala rigakafin yara". Ɓangaren farko na tunawa ne, na biyu na gaskiya. Idan ya yi kyau ya fi kowanne daɗin ji, kuma a fagen tarihi, adabi da nazarin zamantakewa shi aka saba gani.

Gwajinsa ɗaya ne. A rufe ɓangaren farko da yatsa: abin da ya rage ya isa ya bayyana aikin shi kaɗai? Idan bai isa ba, azancin ya ci wurin bayani. Sannan a rufe na biyu: na farkon ya nuna wannan aikin, ko zai dace da kowane aiki a fagen? "Rigakafi ya fi magani" magana ce ta gaskiya, amma duk wani aikin rigakafi zai iya ɗaukarta, don haka ta cinye harafi ashirin da ɗaya ba ta bambanta ku da kowa ba. "Saƙo ɗaya, rai ɗaya" kuwa ya fi ƙarfin aikin, tun da kammala allura za a auna, ba mutuwa ba. Alkawari ne da aka saka masa rigar waƙa, kuma laifinsa ɗaya da na NASARA.

Sai batun wanda zai karanta daga waje. Sunayen ayyukan da aka biya da kuɗin jama'a a fili suke, kuma an sha ciro su don ba'a. Daga 1975 zuwa 1988 Sanata William Proxmire na Amurka yana ba da abin da ya kira Golden Fleece Award ga kashe kuɗin da ya ga almubazzaranci ne, ciki har da ayyukan bincike, kuma jama'a galibi layi ɗaya kawai suke ji game da aikin. Suna mai barkwanci yana sauƙaƙa wa irin wannan mai suka aikinsa. Azanci kuma ba ya tsallake harshe lafiya: idan kwamitin ya haɗa mutanen ƙasashe daban-daban, rabinsu ba za su gane inda aka dosa ba. Ko alamomin rubutu sai an kula, domin fom ɗin Horizon yana cire alamun < > " & daga suna, abin da ke iya lalata magana da aka sa tsakanin alamomin zance.

Suna mai tambaya

"Shin saƙon waya yana ƙara yawan yaran da ke kammala rigakafi?" Gajere ne, kowa ya gane, kuma gaskiyarsa ba ta da tangarɗa, domin ko a'a ce amsar, sunan yana nan daidai. Abin da ya rasa shi ne hanya da shekarun yaran, sai an ƙara bayan alamar tambayar. Ba ya kuma zama sunan kira. Ya fi dacewa da aiki mai tambaya ɗaya tak, idan manufofi uku ne, biyu za su rasa wuri.

Ɗan'uwansa da ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai sanarwa: "Ƙara yawan kammala rigakafi ta hanyar saƙon waya". Idan aikin na aiwatar da abin da aka riga aka tabbatar ne, ba laifi. Idan gwaji ne, sunan ya riga ya yanke hukunci.

| Ma'auni | Mai bayani zalla | Haruffan farko | Azanci da bayani | Tambaya |
|---|---|---|---|---|
| Gaskiya | Mafi ƙarfi | Ya dogara da kalmar | Ya dogara da ɓangare na biyu | Mai ƙarfi |
| Tunawa | Rauni | Mafi ƙarfi | Mai ƙarfi | Matsakaici |
| Tsada | Haruffa da yawa, lokaci kaɗan | Haruffa kaɗan, lokacin bincika karo | Yana cin farkon layi | Arha |
| Ɗorewa | Mai kyau idan babu adadi | Mai kyau idan babu alkawari | Yana iya tsufa | Mai kyau ko a'a ce amsar |
| Sauƙi | Mai sauƙi | Mai wuya | Yana buƙatar gwaninta | Mai sauƙi |
| Babban haɗari | Ɓacewa cikin makamanta | Alkawari da karo | Rashin fahimta da ba'a | Ƙarancin bayani |

Kowanne kuka karkata gare shi, a yi masa gwaji biyu kafin a miƙa. A ba wani masani da ba na fagenku ba sunan kaɗai, a ce ya faɗi abin da yake zaton za ku yi. Idan ya ambaci abin da ba ya cikin manufofinku, sunan ya yi ƙari, idan ya kasa cewa komai, ya yi duhu. Washegari a tambaye shi abin da ya tuna. Na biyu, a rubuta jimlar "Aikin kaza ya gano cewa babu wani bambanci" da sunanku a ciki, a karanta da ƙarfi. Sunan da ya sa jimlar ta zama abin dariya bai tsira ba.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku, da mai neman ƙaramin tallafi na shekara ɗaya ko biyu shi kaɗai, suna mai bayani zalla ya ishe su. Ba su da tawagar da za ta riƙa kiran aikin kullum, kuma gajeren suna mai ƙyalli a kan ƙaramin aiki yakan sa mai tantancewa ya ga an fi ba ado muhimmanci.

Gwajin lafiya da duk wani aiki da ya haɗa cibiyoyi da yawa yana buƙatar biyu a haɗe: cikakken suna mai bayani, da gajere marar alkawari. A ganina wannan ne ya fi warware rigimar da aka fara da ita, domin an raba aikin biyu, kowane suna ya ɗauki nasa. Misalinmu zai tsaya a haka: "SATURI: gwajin ƙuri'a na tasirin saƙon tunatarwa ta waya a kan kammala rigakafin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya". Masu neman tallafin Horizon Europe ba su da zaɓi ma, dole ne su kawo gajeren, don haka su fara neman sa tun makonni kafin ranar rufewa.

Aikin da ake sa ran a sabunta tallafinsa sau da yawa, kamar bibiyar rukunin mutane tsawon shekaru ko gina rumbun bayanai, ya ɗauki sunan mutanen, wurin ko kayan aikin. NIH tana sa ran takardar sabuntawa ta riƙe sunanta na farko sai in manufofin sun sauya sosai, saboda haka suna mai ɗan faɗi yana hana a maƙale da tambayar shekarar farko.

Masu tarihi, adabi da zamantakewa su ɗauki mai ɓangare biyu, da sharaɗin ɓangare na biyu ya ƙunshi batu, wuri da zamani, na farkon kuma ya fito daga cikin kayan binciken, misali kalmar da mutanen da ake nazari suke amfani da ita da kansu. Mai tambaya kuwa ya dace da ƙaramin gwajin share fage, ko takarda zuwa ga gidauniyar da masu yanke hukuncinta ba ƙwararrun fagen ba ne, muddin an biyo shi da 'yan kalmomin da suka faɗi su wa za a bi da kuma hanyar da za a bi.